Takardar kuɗin makarantar Ummi: ina na hostal ya shiga?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Yarinyata ta samu gurbi a wata jami'ar tarayya, ta turo mini takardar kuɗi. Layin farko an rubuta Tuition, gabansa sifiri, amma jimilla ₦96,500. Yau kuma ta ce in ƙaro ₦30,000 na hostal. Ashe ba ya ciki?

Kawu na Jekadafari: Wa alaikumus salam. Gaskiya ta faɗa maka, Alhaji. Jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga mai digirin farko, shi ne sifirin da ka gani. Abin da ya taru ya kai ₦96,500 kuɗin hidimomi ne: rajista, jarrabawa, laburare, asibiti, wasanni. In kimiyya take karantawa za ka ga na ɗakin gwaje-gwaje, wanda 'yan tarihi ba sa biya. Hostal kuwa daban ne, don ba kowa ke samun gado ba. Sai an ba ta gado a shafin makarantar, sannan ta ciro RRR ta biyu, wato lambar biyan kuɗi, a Remita, shafin da ake biyan kuɗin ta cikinsa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai shawarata a kama mata ɗaki a waje. Nawa suna Gwallameji a Bauchi, su uku a ɗaki, ruwa ne kawai matsala.

Baban Ummi: Hajiya, mace ce kuma sabuwa, ciki nake so ta zauna. Kawu, akwai TISHIP da Caution, su kuma fa?

Ɗan aji uku: Baba, TISHIP na asibiti ne, komai kyauta. Caution kuma ana mayar da shi in an gama.

Kawu na Jekadafari: Ba komai ba, ɗana. Inshorar lafiyar ɗalibai ce, tana ɗaukar ganin likita da maganin irin su zazzaɓi a asibitin makaranta, amma tana da iyaka. Caution ajiya ce saboda ɓarna, a fasa taga ko a karya gado. Mayarwar ta danganta da dokar makaranta, a tambayi ofishin kuɗi.

Abin da na fi so ka kula da shi, Alhaji, kada ta biya na hostal kafin lambar ɗaki da gado ta fito da sunanta, kuma kada a tura wa wani ɗalibi wai zai sayar da gadonsa. Haka nan kada a haɗa kuɗin biyu a RRR ɗaya. Kowace lamba da abin da aka ciro ta dominsa, in aka cakuɗa sai shafin ya ci gaba da nuna bashi.

Baban Ummi: Wato ₦126,500 ke nan bana. Baɗi fa?

Ɗan aji uku: Zai ragu, na katin shaida da gwajin lafiya da bikin rantsar da sababbi sau ɗaya ne.

Kawu na Jekadafari: In ba a yi ƙari ba. Ka ajiye rasit biyun, asali da hoto.

Maman 'Yan Biyu: To bashin karatu na gwamnati, NELFUND fa, yana ɗaukar na hostal? Wani ya ce eh, wani ya ce a'a.