Bataflai: farashi ya kai 100, amma riba ba ta fito ba

Nura: Jama'a, wa ya taɓa gwada bataflai a kasuwar ofshin ta Amurka? Hannun jarin yana dala 98, na yi hasashen zai tsaya a 100 ranar cikar wa'adi. Na sayi kol ɗaya na 95, wato haƙƙin sayen hannun jarin a dala 95, a kan 5.50, na sayar da biyu na 100 a kan 3 kowanne, na sayi ɗaya na 105 a kan 1.50. Dala 1 ta fita aljihuna, wato dala 100 tunda kwantiragi hannun jari 100 ne. Yau farashi ya hau 100 cif, saura mako biyu, amma allo na nuna darajar bataflai ɗin 1.40 kawai. Ina ribar?

Hajiya Turai: Nura, ba a cuce ka ba. Ribarka kamar tanti take, ƙololuwarta a 100, amma sai ranar ƙarshe yake miƙewa. A ranar, in an rufe a 100, na 95 zai kai dala 5, sauran ukun su mutu. Cire dalarka 1, saura 4, wato dala 400. In an rufe a 102, na 95 ya kai 7, biyun da ka sayar su ci 4, cire dalarka 1, ribarka 2. A 96 da 104 uwar kuɗinka kawai za ka mayar. Ƙasa da 95 ko sama da 105, dala 100 ɗin ta tafi duka. Yanzu biyun da ka sayar suna ɗauke da darajar sauran lokaci, ita ce ta danne ka.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, wannan ba shi ne zanen bataflai da muke nema a jadawalin kuɗaɗen waje ba?

Hajiya Turai: A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Bashir: To ka bar shi ya ƙare da kansa mana. Asara ai ba ta wuce dala 100.

Malam Iro: Bashir, a takarda haka ne. A nawa bataflai ɗin, an rufe Juma'a a ƙasa da farashin tsakiya da santi biyu. Kol ɗina na ƙasa ya zama hannun jari 100, biyun da na sayar ba wanda ya nema. Litinin aka buɗe kasuwa ƙasa, na yi asarar da ta fi kuɗin bataflai ɗin. A lissafin Nura, sayayyar dala 9,500 ke nan ta faɗo masa. Shi ya sa na koma SPX, ofshin na ma'aunin kasuwa na S&P 500, can da kuɗi ake sallamar mutum, ba da hannun jari ba.

Nura: To in rufe a 1.40 ko in jira?

Malam Iro: Ni da na jira zuwa makon ƙarshe, in rufe kafin yammacin Juma'a.

Hajiya Turai: Mako biyu da nisa, Malam. Kuma kwantiragi huɗu ne, ladan dillali zai ci wani abu a dala 40 ɗin nan.