Zubi ko gudummawa? Kalmar da za mu sa wa kuɗin da ke shiga asusun fansho

Hajara: Jama'a a taimaka, gobe da safe ina da shirin rediyo kan karanta takardar asusun fansho. Akwai layi biyu, `Employer Contribution` da `Employee Contribution`. Na rubuta "gudummawar ma'aikata" da "gudummawar ma'aikaci", amma bai kwanta mini ba.

Bala: A baka babu matsala, karin sauti zai raba ma'aikata wurin aiki da ma'aikata masu aiki. A rubuce ne zai rikice. Ki ce kason wurin aiki da kason ma'aikaci.

Baba Iro: 'Yata, gudummawar ce ma ban yarda da ita ba. Gudummawa ta biki ce, ka ga dama ka bayar. Wannan kuwa dole ce. Dokar fansho ta 2014 ta ce a ƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kashi 10 daga aljihun wanda ya ɗauke ka aiki. Ni zubi nake cewa, kamar na adashi.

Malam Sani: Zubi ya yi. Amma ku fara gyara "fansho" tukuna. Ba mu da kuɗin sallama ne? Kullum aro, sai ka ce harshen marayu.

Bala: Malam, kuɗin sallama ai giratuti ne, na lokaci ɗaya. Kai ma "albashi" kake cewa, kakanka ne ya ƙirƙiro ta?

Malam Sani: Tsohon aro daban, ragwanci daban.

Larai: Ni dai cutata ake yi. Albashina 150,000, ya kamata a cire 12,000, amma 8,000 nake gani.

Baba Iro: Duba takardar albashinki, Larai. Yawanci ana lissafi ne a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota, ban da sauran alawus. In ukun nan sun kama 100,000, to 8,000 daidai ne, kuma layin wurin aiki zai nuna 10,000, jimla 18,000 a wata. In kin ga layukan biyu kai ɗaya, wataƙila tsohon lissafin 2004 ake bi, na kashi 7.5 kowanne.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kwanan wata. Akwai watan da zubin yake nasa, akwai ranar da kuɗin ya shiga. Ki bi watannin ɗaya bayan ɗaya. In an cire miki na Maris amma babu Maris a takardar asusu, wurin aikinki ne bai tura ba, alhali kwana bakwai na aiki doka ta ba shi bayan biyan albashi.

Bala: Adashi dai kwasa ake yi bi da bi, Baba. Kada masu sauraro su zaci za su kwashe.

Hajara: Zan faɗa musu ba kwasa. Na ɗauki zubin ma'aikaci da zubin wurin aiki. Gudummawa na bar wa `Voluntary Contribution`, tunda ita ta ganin dama ce.

Malam Sani: To. Amma fanshon nan ban sa hannu ba.