Neman kalma: me za mu ce da “fonksiyonalite” da kuma cire ta daga aiki?

Rabi'u Zango: Salamu alaikum. Muna haɗa manhajar waya don wata ƙungiyar manoma ta wajen Mirriya mai jinginar hatsi: manomi ya kai buhun gero ko wake mangaza da kaka, a ba shi bashi, in farashi ya tashi ya biya ya kwashe kayansa. Za su buɗe mangaza ran 20 ga Oktoba, kuma ba su ɗagawa don mu. Ga shi dole in sanar da abokan aikina cewa za mu cire abin da suka fi so, wato wayar ta karanta wa manomi rasit ɗinsa da murya. Da Hausa nake son rubuta saƙon, don sakataren ƙungiyar ma zai gani. Wa'adi ya ishe ni a madadin “dele”. Abin da ya tsaya mini shi ne wanda allon aikinmu ke kira `fonctionnalité`, wato abu guda da manhaja ke iya yi, kamar karanta rasit ɗin nan, sai kuma kalmar cire shi ba tare da an kashe shi ba.

Sanusi: Fasali mana. Haka nake gani a rubuce-rubucen Kano, sabon fasali, an ƙara fasali. Cirewa kuma ka ce an soke.

Malama Hadiza: Sanusi, fasalin na ji, kuma an fara sabawa da shi. Amma a kunnen ɗan Damagaram da bai karanta waɗannan rubuce-rubuce, fasali tsari ne da kyan ƙira, kamar a ce gida ba shi da fasali. In Rabi'u ya rubuta an cire fasali guda, sakatare zai ɗauka ado aka rage. Soke kuwa ban yarda ba sam. Abin da aka soke ya mutu. Rabi'u, aikin muryar ya mutu ne?

Rabi'u Zango: A'a Malama. Yana nan a reshensa, wato kwafin manhajar da muka ware masa, an yi kusan rabi. Lissafi ne ya ƙi. Mu biyu ke rubuta manhajar, saura ranakun aiki 12, ke nan yini 24 ke hannunmu. Adana rajista in babu rezo da tura ta in ya dawo zai ci 10. Rasit ta saƙon waya 5. Gwaji a mangaza da gyaran abin da ya fito 6. Ya zama 21. Murya na neman 9, ukun da suka rage ba su kai ko'ina ba.

Alhaji Tela: Ni ban san manhaja ba, amma in murya ce matsalar ai akwai yaron da ke gyaran lasifikar waya a bakin Kasuwar Dole, yini guda ya gama.

Rabi'u Zango: Ranka ya daɗe, lasifika lafiyarta lau. Abin da za ta faɗa ne aikin. A allo kuɗi na fitowa da sefa, 12750 misali. Manomi bai ƙirga haka. Shi jika goma sha biyu da dala ɗari da hamsin ya sani, don dala sefa 5 ce. To sai manhaja ta ware jikunan, ta raba saura da 5, sannan ta jera guntayen muryar da muka naɗa ɗaya bayan ɗaya. In an ƙara kuɗin ajiya lissafi ya faɗa kan 12752, babu dalar da za a faɗa, sai ƙungiya ta yanke ko sama za a cike ko ƙasa, kuma ba su zauna kan wannan ba tukuna. Abin tsoron, in ta yi kuskure allo ba zai nuna ba. Sai mutum ya zauna ya saurari adadi ɗaya ɗaya. Wanda bai karatu kuwa muryar zai riƙe, ranar biya ta zama rigima.

Alhaji Tela: To yanzu na gane. Mu in Sallah ta matso, riga na hannu, sai mu ce wa mai ita a ɗinka a sa, aikin wuya bayan Sallah. Ba mu cewa an fasa. Mun jingine shi, haka muke faɗa.

Malama Hadiza: Alhaji ya kawo kalma mai kyau. Jingine na nuna abu na nan, an san inda yake, za a koma. Ta fi ɗage, don ɗage ta fi zama da lokaci, a ɗage taro, a ɗage zaɓe. In ka ce an ɗage, wani zai ji kamar ran 20 ɗin ce ta motsa, alhali ita ce kaɗai ba ta motsi.

Sanusi: Sai dai Malama, manhajar jingina ce fa. “Mun jingine rasit” a gaban sakataren masu jinginar hatsi? Zai tambaya wa aka ba, nawa aka karɓa.

Malama Hadiza: Wallahi ka kama ni. A saƙon nan kam ba ta dace ba.

Mushe Ila: Na jagoranci irin wannan aiki, bari in sa baki. Kalmar da za ka zaɓa ta dogara da alkawarin da za ka iya cikawa. In kana da rana, ka ce an jinkirta zuwa rana kaza. In ba ka da ita, ka ce an fitar da shi daga wannan zubi, ka tsaya nan. Abokan aiki sun fi jin zafin “za mu koma kansa” da ba a komawa fiye da cirewar kanta. Kuma kada ka bar rabin aikin a kunne cikin abin da za ku miƙa. Ko ya zauna a reshensa, ko ku rufe shi da makunni:

```
RECU_VOCAL=false
```

Ni na fi son reshe, don abin da ke cikin manhaja ko a kashe yake yana iya ɓata wani wuri. Za kuma a ce maka a ɗauko ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ya taimaka. Ka amsa tun cikin saƙon: a kwana 12, koya masa zai cinye lokacin ɗaya daga cikinku.

Ita fonksiyonalite, ni “aiki” nake cewa kawai. Aikin murya, aikin rasit.

Sanusi: Aiki ya yi faɗi, Mushe. Furojen duka aiki ne, abin da ke kan allo aiki ne, wannan ma aiki? In ka ce aiki uku sun rage cikin aikin, wa ya gane?

Malama Hadiza: Ni da sashe zan tafi, ko da yake shi ma ya fi kama da shafi ko ɓangaren allo, murya kuwa ba ta da shafi.

Rabi'u Zango: Ga abin da na rubuta, ku duba:

“Ƴan uwa, mangaza za ta buɗe ran 20 ga Oktoba. Yini 24 ke gare mu, abin da ba makawa zai ci 21. Don haka na fitar da sashen karanta rasit da murya daga zubin farko. Na san shi muka fi so, kuma Zara ta sha wahalar naɗar muryoyin, duk suna ajiye a reshensu. Dalili: yana neman yini 9, ƙungiya ba ta yanke yadda za a cike kuɗin da bai kai dala ba, kuma adadin da aka faɗa ba daidai ba ya fi shiru illa. A bana magatakardan mangaza zai karanta wa kowa rasit da bakinsa a gaban shaida. Ba za mu ƙara mutum ba, koyarwa za ta ci lokacin. Ran 3 ga Nuwamba za mu zauna mu sa masa rana. Wanda ya ga kuskure a lissafina ya faɗa kafin gobe da la'asar.”

Mushe Ila: Ya yi. Amma ka kira Zara ka faɗa mata da baki kafin ka tura, kada ta gani tare da kowa.

Sanusi: Zubin farko na karɓa. Sashe dai ban yarda ba, nan da shekara biyu duk fasali za ku riƙa cewa.

Malama Hadiza: Mai yiwuwa. Rabi'u, in sakataren ya karanta, tambaye shi me ya fahimta da “sashen”, ka dawo mana da amsarsa yadda ya faɗe ta.