Murya na fashewa a kyamara tun da na haɗa makirufo mara waya

Jama'a, ina neman taimako. Ina da ƙaramin makirufo mara waya, irin wanda ake maƙala wa a wuyan riga. Na haɗa risibarsa, wato na'urar da ke karɓar sautinsa, da kyamara ta ramin MIC da wayar TRS mai 3.5mm. Sauti na shiga, amma da zarar mai magana ya ɗaga murya ko ya yi dariya, sai muryar ta fashe tana ƙara kamar tsohuwar rediyo.

Na cire Auto, na koma Manual, na rage matakin sautin kyamarar har mitar sautin ba ta wuce -12 dB. Ja ba ya fitowa ko sau ɗaya, amma fashewar tana nan, sai dai ƙarfin sautin ya ragu. Wannan ne ya ɗaure mini kai.

Zargina shi ne sautin ya lalace tun kafin ya iso mitar: ko risibar na turo shi da ƙarfin da ya fi na ramin, ko kuma tun a jikin makirufon yake fashewa. Ta yaya zan bambance? In na sa abin kunne a risibar, zai nuna mini? Kuma wanne zan fara ragewa?