Minsharin maigida yana yankewa cikin dare, ku ba ni shawara

Uwargida daga Jega: Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya daɗe yana minshari, na riga na saba. Amma tun bara abin ya canza. Yana cikin ja sai ya yi tsit, ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta fita, can sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe. Da safe in na faɗa masa sai ya ce bai san an yi ba. Wane magani za mu gwada?

Amaryar Argungu: Wa alaikumus salam Yaya. Anya ba dannau ba ne? Ni ma yana kama ni, in farka in kasa motsi.

Anti Nas, Birnin Kebbi: Ba dannau ba ne ƙanwata. Mai dannau a farke yake, yana sane da komai. Uwargida, shirun nan da kika ji shi ya fi damuna, ba ƙarar ba. Mai minshari zalla iska na wucewa, naman maƙogwaro ne ke kaɗawa, sautin na tafiya bai ɗaya. Shi kuwa naku, in barci ya yi nauyi harshe da naman ganda suna saki su toshe hanyar gaba ɗaya. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya farka na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ya koma barci, abin ya sake dawowa. A daren yau ki riƙe agogon waya ki ƙirga. In shirun ya kai daƙiƙa 10, tsayawar numfashi ce. Ki ɗauki sautin, ko bidiyo in ya yarda. Sannan ki gaya min, yana da hawan jini? Yana gyangyaɗi da rana?

Uwargida daga Jega: Anti kamar kina gidan. Magani iri uku yake sha, jinin ya ƙi sauka. Yana tashi fitsari sau uku ko huɗu, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki. Ko ana huɗuba barci yake. Kuma direba ne, yana jigila zuwa Yauri.

Hajiya Babba: 'Yata, ƙiba ce kawai. Ya rage tuwon dare, ki riƙa juya shi ya kwanta ta gefe. Nawa Alhajin da ya rage tumbi shiru kake ji. In ya ƙi, a kai shi wurin wanzami a cire beli.

Anti Nas: Hajiya, maganar ƙiba da kwanciyar gefe gaskiyarki ce. Rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan tsayawar numfashin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kwanciya rigingine ta fi tsananta shi. Amma akwai sirara masu fama da shi, saboda ƙaramar haɓa ko toshewar hanci. Batun beli kuwa, don Allah a bar shi. Toshewar takan kasance can baya wajen tushen harshe, askar wanzami ba ta gyara wannan, ga zubar jini ga ƙwayoyin cuta.

Uwargida, tuƙin nan shi ne abin gaggawa. Mutumin da barci ke sacewa a zaune bai kamata ya ɗauki fasinja zuwa Yauri ba sai likita ya gan shi. Kada kuma ya sha maganin barci ko na tari mai kodin, suna ƙara sakin maƙogwaro su hana shi farkawar da ke ceton sa. Ku je Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Birnin Kebbi, ku nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ki tafi da abin da kika ɗauka. Tabbacin cutar sai da gwajin barci, inda na'ura ke ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, likita zai faɗa muku inda za ku je.

Maman 'Yan Biyu: Yayana na'urar CPAP aka ba shi, wadda ke hura iska ta hanci duk dare. Gyangyaɗin ya tafi, amma sai da ya haɗa sola da batir, don in an ɗauke wuta ta tsaya. Ku sa wannan a lissafi tun yanzu.

Hajiya Babba: To ni dai ban ga magidancin da zai kwana da abu a hanci ba.

Uwargida daga Jega: Na gode ƙwarai. Zan ƙirga yau in sha Allah. Abin da ya rage min shi ne yadda zan ce masa ya ajiye mota, da ita muke ci. Ina tunanin in sa yayansa ya yi masa magana bayan ya ji sautin da kunnensa.