'Yata tana jin Fulatanci amma ba ta mayarwa

Maman Ummi, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 5, a nan Gombe aka haife ta. Ni da babanta duk muna jin Fulatanci, amma Hausa ta cinye gidan. In na aike ta da Fulatanci tana ganewa, amsa kuwa sai da Hausa. Kakarta tana Dukku, in sun yi waya sai yarinyar ta yi shiru ta miƙo min. Wane wasa ko waƙa zan riƙa yi mata bakinta ya buɗe?

Malamar aji ɗaya:
Wa alaikumussalam Maman Ummi. Tunda tana ganewa, kalmomin suna cikin kanta, buƙatar furta su ce babu, domin duk abin da take so Hausa tana samo mata. Wasan da zai yi aiki shi ne wanda ba ya tafiya sai ta yi magana.

Ki ware minti 10 zuwa 15 kullum a lokaci ɗaya, misali bayan la'asar in ta ci abinci ta huta. Ki fara da sassan jiki, kalma 5 kacal a makon farko: hoore kai, junngo hannu, kosngal ƙafa, nofru kunne, hunnduko baki. Ki ce "hollam hoore", ta taɓa kanta, ki riƙa sauri kina juya jerin har ta ruɗe ta yi dariya. Kwana biyu tana nunawa kawai, kada ki nemi ta ce komai.

Rana ta uku ku yi musanya, ita ce mai ba da umarni. Nan ne aikin yake. In ta ce "nofru", ki kama hancinki da gangan. Yaro ba ya iya haƙuri ya ga babba ya yi kuskure, za ta ɗaga murya ta maimaita kalmar sau biyu ko uku don ta gyara ki, ba ta ma san tana Fulatanci ba. In ta tsaya tana laluben kalma, ki ƙirga biyar a zuci kafin ki taimaka, kuma farkon kalmar kawai za ki ba ta, "hoo…", ta ƙarasa. Yawancin iyaye a nan suke ɓata wasan: shirun daƙiƙa biyu ya yi musu tsawo sai su faɗa mata, yarinya kuma ta koyi cewa in ta yi shiru za a yi mata.

Mako na biyu ki buɗe mata kanti a kan tabarma: kofin ruwa, ƙwaryar nono, tsakuwa 10 a matsayin kuɗi. Ke ce mai kanti, ba a sayarwa sai an ce "hokkam ndiyam" ko "hokkam kosam", a ƙirgo kuɗin: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Ki tsaya a biyar sai ya zauna. Daga shida zuwa tara kan biyar ake ɗorawa, joweego, joweeɗiɗi, don haka ba za su ba ta wuya ba daga baya.

Baban Sadik:
Ki saya mata katun a waya ta riƙa kallo, wata uku za ki ji Turanci a bakinta. Kuma a bi a hankali, yare biyu lokaci guda yana sa yaro jinkirin magana.

Malamar aji ɗaya:
Baban Sadik, Fulatanci take nufi. Kallo yana ƙara wa kunne, amma waya ba ta jiran amsa, kuma amsar ce matsalar Ummi. Batun jinkiri kuwa, harshe biyu ba ya jawo shi. Cakuɗa su a jimla ɗaya, kamar ta ce "hokkam ruwa", hanya ce ta koyo, ba ruɗewa ba. Abin da zai sa a kai yaro a duba kunnensa shi ne in har a Hausar ma maganarsa ba ta kai ta tsaransa ba, ko ana kiransa daga baya ba ya juyowa.

Goggon yara, Kumo:
'Yata, ki bar neman waƙa a nesa, tana bakin kakarta. Ki roƙe ta ta yi miki waƙar reno ɗaya da ta daka ɗaya a saƙon murya na WhatsApp. Ki zaɓi mai gajeren amshi, layi ɗaya ko biyu. Ke ki ja baiti, yarinya ta karɓi amshi da tafi, kamar a gaɗa. Waƙa ɗaya ta ishe ku mako biyu.

Sai dai ki sani, yaro yana rera waƙa tsaf bai san abin da take cewa ba. Ki ciro kalma biyu daga cikinta ki sa su a aikin gida ranar. In akwai nagge a waƙar, ki nuna mata saniya in kun wuce, ki tambaye ta sunanta.

Tatsuniya kuma guda ɗaya za ki riƙe, mai maimaici. Misali kura, fowru, ta shiga ruga da dare tana bin dabbobi tana cewa "hokkam kosam", ta je wa nagge, ta je wa mbeewa, ta je wa mbaala, ƙarshe ta je wa gertogal, kaza, wadda ba ta da nono. Dare uku ki ba da ita da kalmomi iri ɗaya, kada ki fassara, ki bar murya da hannu su yi bayani. Dare na huɗu ki tsaya daidai inda kura za ta yi magana, ki zuba wa yarinyar ido. In kina sauya tatsuniya kullum, daɗi za ta ji, amma babu jimlar da za ta zauna mata.

Wani malamin Fulatanci:
Ƙari kan maganar Goggo. Inda yaran da suka tashi da Hausa suke tuntuɓe shi ne jam'i, saboda sau da yawa har farkon kalma yana sauyawa: nagge na'i, mbeewa be'i, yitere gite, debbo rewɓe. Kada ki yi mata bayanin ƙa'ida. Ki yi dabbobin laka ko ki yanka na kwali, ki ɓoye a ƙarƙashin faifai, wani lokaci ɗaya wani lokaci uku, ta yi canke kafin ki buɗe: nagge ko na'i? Kalma biyu da jam'insu sun isa a mako. In ta yi kuskure ki maimaita daidai cikin amsarki ku wuce. Kuma ki gargaɗi manyan gida kada a yi mata dariya ko a ce ta zama Kaɗo, domin dariya ɗaya tana iya rufe bakin yaro ya daɗe bai sake gwadawa ba. Lafazin Gombe da na Adamawa suna da ɗan bambanci, ki bi na kakarta.

Ni da za ki ji tawa, ki nuna ba kya jin Hausa gaba ɗaya in tana yi miki magana.

Malamar aji ɗaya:
Malam, a nan ban bi ka ba. 'Yar shekara 5 ta san uwarta tana jin Hausa, za ta ɗauka ana ƙin ta ne, wata ma ta daina kawo labari. A ɗora wa 'yar tsana: a ce baƙuwa ce daga Dukku, Fulatanci kaɗai take ji, a fito da ita lokacin wasa kawai.

Wani malamin Fulatanci:
'Yar tsana ta yi wa farawa, Malama, amma minti 15 ba za su ja da yinin Hausa ba. Ko da cin abincin dare ne, a mai da shi na Fulatanci zalla, har tsakanin iyayen.

Maman Ummi, Pantami:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na sassan jiki gobe in sha Allah. Na cin abincin daren sai na shawo kan babanta tukuna. Wayar kakar fa, in jira bakinta ya buɗe?

Goggon yara, Kumo:
Kada ki jira. Ki faɗa wa kakar kalma biyar ɗin makon tun kafin kiran, ta tambaye ta su kaɗai, su yi amshin waƙar tare, a kashe waya kafin minti biyu.