Wai me za mu kira fulawa mai farin zane idan ta koma kore zalla?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta 'yar takarda ne da zan riƙa ba masu sayen fulawa a wurina, to na maƙale a kalma biyu. Turawa na cewa bariyageted ga shukar da ganyenta ke da fari ko rawaya a cikin kore, sannan ribashan idan ta daina fitar da zanen ta koma kore zalla. Da Hausa fa? Kuma abin ma ya same ni, fikus ɗina mai farin baki da ke baranda ya fitar da reshe ɗaya kore shar, yanzu ya fi sauran tsawo, ganyensa ma ya fi faɗi. Taki ne ya yi yawa ko me?

Ɗan Sokoto: Wa alaikumus salam Hajiya. Roɗi-roɗi mana, ko dabbare-dabbare, ai ba sai an je nesa ba

Anti Larai: Roɗi-roɗi ni sai in ji kamar cuta, kamar ƙyasfi a wuya, wa zai ciro kuɗinsa ya sayi fulawa mai roɗi-roɗi? Mu a gida wake-wake muke cewa in kaza ko akuya ta haɗa fari da baƙi, amma dai shi ma da kore bai zauna ba.

Habu Nasare: Mu dai a bakin titi "mai zane" muke cewa kuma kwastoma na ganewa. Batun komawa kore kuwa rashin rana ne kawai Hajiya, ki fito da ita waje sati biyu za ki ga ta dawo. Yalo bush ɗin da muke shinge da shi in ya shiga inuwar mangwaro kore yake komawa, in aka sassabe mangwaron sai ya dawo rawaya abinsa, wannan kullum muna gani.

Malam Isiyaku: Habu abin da ka faɗa a kan yalo bush haka yake, amma ba shi ne ya samu fikus ɗin Maman Hanif ba, kuma shi ya sa nake ganin kalma ɗaya ba za ta ishe mu ba, abu biyu ne daban.

Na farko shi ne na haske. Shuka ta shiga inuwa, sai ta ƙara koren sinadarin nan kulorofil a ganye don ta samu abinci da ɗan hasken da ke iso ta. Alamarsa duk jikin shukar ne yake dusashewa tare, ko ɓangaren da ke kallon bango, zanen na nan amma ya yi laushi, rawaya ta koma kamar ruwan lemon tsami, gaɓoɓin su yi nisa da juna. Kuroton ma haka take yi a cikin ɗaki. Wannan in an gyara haske sababbin ganye za su fito da kala.

Na biyu shi ne na gado. Yawancin masu farin zanen nan irin fikus da hibiskus, ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke zaune a jiki ɗaya, wasu na iya yin kore wasu ba sa iyawa, shi ne masu ilimin tsirrai ke ce wa kaimera. A can ƙarshen toho inda ganye ke fitowa ƙwayoyin a jere suke hawa-hawa, galibi hawa 3, to idan hawa ɗaya na marasa kore ne sai ganye ya fito da farin baki ko farin tsakiya. Wata rana sai masu koren su kutsa su cinye wurin gaba ɗaya a wani toho guda. Daga nan duk abin da reshen zai haifa kore ne, domin fararen ƙwayoyin babu su a wannan tohon kwata-kwata, ko rana ta kwana a kansa ba abin da zai dawo. Alamarsa reshe ɗaya ko biyu ne, kore tas ba ko ɗigo, a gefen rassan da zanensu ke nan lafiya lau, kuma ya fi su saurin girma tunda duk faɗin ganyensa yana yin abinci. Abin da kika kwatanta kenan Hajiya.

Habu Nasare: To Malam ai ni a inuwa na fi ganin irin wannan koren reshen, kenan dai hasken ne

Malam Isiyaku: Inuwa ba ita ke canza ƙwayoyin ba, reshen kan fito ko a rana. Amma a inuwa mai zane yana wahala shi kuwa koren yana samu, sai ya yi saurin rufe ɗan'uwansa har ka lura. Don haka haske na da hannu a wanda zai ci nasara, ba a fitowar ba. Kuma don Allah kar a ɗauko fulawar baranda a dire ta a ranar Maris ko Afrilu kai tsaye, farin wurin shi ke fara ƙonewa ya koma ruwan ƙasa kamar takarda. Ranar safe zuwa wajen ƙarfe 10, ko inuwa mai haske sosai, a riƙa matso da ita a hankali.

Baba Tanko: Nima rogona a gona duk ya yi irin wannan zanen fari-fari da rawaya, ganyen na nannaɗewa, ashe ado ne? Ni da nake ta neman magani

Malam Isiyaku: A'a Baba, naku kam ba ado ba ne. In ganyen ya yamutse ya ƙanƙance shukar ta tsumbure, cutar nan ce ta rogo ta bairos wadda farin ƙuda ke yaɗawa, kuma tana bin itacen da aka dasa. Kada ku ɗebi iri daga waɗannan. Akwai rogon ado mai rawaya a tsakiyar ganye, amma shi ganyensa a miƙe yake sumul.

Anti Larai: Kun ga dalilin da ya sa na ƙi roɗi-roɗi ko, a bar wa cutar Baba Tanko ita 😂

Zee Kaduna: Ni ga tawa shawarar. Tunda Malam ya ce iri biyu ne a jiki ɗaya me zai hana a ce "mai sirki"? Ganye mai sirki. Ribashan kuma a ce KOME, kamar matar da ta koma gidan tsohon mijinta, reshe ya yi kome, tunda ai asalin shukar kore ce kafin a samu mai zanen.

Ɗan Sokoto: Kai Zee 🤣 to amma fa kome abin farin ciki ne, har biki ake yi, wannan kuwa asara ce. Rikiɗa ta fi

Zee Kaduna: Rikiɗa ai ba ta nuna inda aka dosa, kore ma zai iya rikiɗa ya zama mai zane. Kome kuwa da ji ka san baya aka koma.

Maman Hanif: Kome ta kwanta min gaskiya. Amma Malam ku taimaka, ina zan yanke? Reshen ya kai kamu biyu, daga tsakiyar wani reshe mai zane ya fito, kuma ina jin tausayinsa don shi ya fi kyau da lafiya

Malam Isiyaku: Wannan lafiyar tasa ita ce matsalar, in kika bar shi zai yi wa sauran inuwa ya janye abinci, a kwana a tashi ki wayi gari da fikus na kowa da kowa. Ki bi shi da hannu daga sama zuwa ƙasa har inda ya tsiro. Tunda kin ce daga gindinsa kore ne, ki cire shi duka daga mahaɗar, kar ki bar kututture, domin kowane ido da ke jikin guntun da kika bari kore zai sake fitarwa, har ma ya fito biyu ko uku. Aski a sama ba ya magani, ƙara masa rassa yake yi.

In kuwa reshe ne da ya fara da zane sai daga baya ganyen suka koma kore, to ki koma baya zuwa ganye na ƙarshe mai zane mai kyau, ba mai ɗan ɗigo ba, ki yanke kamar rabin santimita a saman wannan gaɓar. Idon da ke hammatar ganyen shi zai toho. Ki goge almakashin da sifirit, ki kula da farin ƙaron fikus kar ya shiga ido kuma yana sa ƙaiƙayi. Bayan sabon toho ya fito ki duba ganye biyu ukun farko, in kore ne ki ƙara komawa gaɓa ɗaya ƙasa.

Masu yaɗo irin moni filant ma a jikin karan ake dubawa, za ki ga layi fari ko rawaya yana bin tsawonsa, idon da layin ya ratsa ta kansa shi ya fi yiwuwa ya ba ki zane. Sai dai ita moni filant ina yi mata uzuri, ganye ɗaya ko biyu kore ba hujja ba ne, a fara gyara mata haske a ga abin da za ta fitar kafin a ɗauko almakashi. Reshen da ya fito fari fat kuma, kyau gare shi amma cima-zaune ne, ba ya yin abinci, shi ma a rage shi, kuma in an dasa shi shi kaɗai mutuwa zai yi.

Habu Nasare: Wato shi ya sa moda mai rawayan baki in na yanka ganyen na dasa sai 'ya'yan su fito ba rawayan? Na ɗauka ƙasar ce

Malam Isiyaku: Yauwa, Laurentii kenan, ba ruwan ƙasa. Sabon tsiron da ke fitowa daga yankakken ganye ba ya ɗauko jerin hawa-hawan nan, daga koren ƙwayoyi yake tasowa. In kana son rawayan bakin sai ka raba ta daga saiwa, ka ciro ɗa da guntun kaurin nan na ƙarƙashin ƙasa. Haka koren reshen Maman Hanif in ta dasa shi zai kama, amma kore zai zauna, kar a sayar wa mutum da sunan mai zane. Sannan in bishiyar aure aka yi mata, a duba ko tohon daga ƙasan wurin auren ya fito, wannan uwar gindin ce ta tsiro, a cire shi kawai.

Maman Hanif: Takin fa? Na zuba yuriya da damina

Habu Nasare: Yuriya kam tana kashe zane, wannan na tsaya a kai, ko Malam bai yarda ba

Malam Isiyaku: Tana ƙara duhun kore kuma tana ingiza reshen da ya riga ya fito, wannan na yarda, a rage ta. Amma cewa ita ta haifar da shi ban yarda ba.

Zee Kaduna: To a takarda sai a sa: dusashewa ga na haske, kome ga na gado. Saura na farkon, mai sirki ko mai zane?

Anti Larai: Sirki ni abinci yake tuna min, a sirka wannan da wancan. Kuma akwai masu zanen da ba sa kome ko? Irin kalatiya, kowane ganye zane iri ɗaya

Malam Isiyaku: Haka ne Anti, ita zanenta a duk ƙwayoyinta yake, ba iri biyu ne ke zaman haya ba, sai dai ta dusashe in haske bai yi mata ba. Da ni ne sai in bar "mai zane" ga kowa, "mai sirki" ga masu iya kome kaɗai.

Ɗan Sokoto: Kwastoma ba zai tsaya rarrabe wannan ba Malam. Ni har yanzu dabbare-dabbare nake so, wani zanen ai ɗigo-ɗigo ne ba layi ba

Maman Hanif: Zan sa "mai zane" a takardar tunda shi 'yan nasare ke faɗi, da kome da dusashewa. Sirki dai ku ci gaba da gardama. Malam na duba yanzu, ashe akwai wani ƙaramin koren a ƙasa ta bayan tukunyar, shi ma daga gindinsa zan cire ko in jira ya ƙara ganye?

Malam Isiyaku: In ganyensa biyu uku duk kore ne ki cire yanzu, tun yana ɗanye da farce ma zai fita.